Odita na tafe: me ake shiryawa, kuma me ya sa ofis mai gaskiya ke faɗuwa a bincike?

Duk lokacin da rahoton Babban Odita na Tarayya ya fito, kanun labarai kusan iri ɗaya ne: ma'aikata kaza ta kasa yin bayanin biliyoyin naira. Kafin magariba jama'a sun gama yanke hukunci cewa an sace. Wani lokaci satar ce kuwa. Amma wanda ya zauna ya karanta irin waɗannan rahotanni zai ga ƙorafin da ya fi maimaituwa shi ne ba a kawo baucoci ba, wato takardun da ofis ke cikewa a kan kowane biya, an biya kuɗi babu takardun da suka goyi bayan biyan, an ba ma'aikaci adibas bai dawo da lissafinsa ba. Abin da odita ke cewa a nan shi ne ba a nuna masa inda kuɗin suka shiga ba. Tambayar da ya kamata a yi ke nan: me yake nema a nuna masa, me ya sa ofishin da bai ci ko kwabo ba yake iya shiga wannan ramin, kuma wane shiri ma'aikata za su yi kafin ya iso?

Zan gina bayanin a kan ƙungiya mai zaman kanta da ke aiki da kuɗin masu ba da tallafi, irin waɗanda suka cika Maiduguri da Kano da Katsina, domin su ne binciken ke fi zuwar wa akai-akai, kuma su ne ke jin zafinsa nan take. Ƙa'idar dai ɗaya ce a kamfani, da ƙungiyar gama-kai, da ofishin gwamnati.

Wane ne oditan waje, kuma me aka turo shi yi?

Oditan cikin gida ma'aikacin ofis ne, albashinsa daga nan yake fitowa, kuma ga shugabanni ko kwamitin amintattu yake kai rahoto. Oditan waje ba ɗan gida ba ne. A kamfanoni da ƙungiyoyi akanta ne mai lasisi, ɗan ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Nijeriya, wanda aka ɗauko ya faɗi ra'ayinsa a kan abu ɗaya: shin lissafin kuɗin da shugabanni suka fitar na shekara ya nuna gaskiyar halin da ake ciki? A ɓangaren gwamnati, sashe na 85 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne ya ɗora wa Babban Odita na Tarayya wannan aiki, yana miƙa rahotonsa ga Majalisar Tarayya, sashe na 125 kuma ya tanadi irinsa ga jihohi. A Nijar kotun da ke duba asusun hukuma ce ke da wannan hurumi.

Kuskuren farko da ma'aikata ke yi shi ne ɗaukar odita a matsayin jami'in EFCC. Ba shi da ikon kama kowa, kuma ba farautar ɓarawo aka biya shi ya yi ba, ko da yake in ya ci karo da alamar almundahana dole ya bi ta. Kuskure na biyu ya fi wannan illa: a ɗauka shi ne zai zo ya haɗa lissafin. Haɗa lissafi da adana takardu nauyin ofis ne. In ya tarar ba a rufe littafin shekara ba, ba abin da zai bincika, sai dai ya zauna yana jira ana ƙirga masa kwanaki, ofis kuma ya biya.

Abin da yake karɓa a matsayin shaida

Ƙa'idojin bincike na duniya da akantocin Nijeriya ke aiki da su sun ce shaida sai ta wadata, sai kuma ta dace. Wadata maganar yawa ce. Dacewa kuwa maganar daga ina ta fito, kuma a nan ne ma'aikata da yawa ke mamaki, domin takardu ba darajarsu ɗaya ba a idon odita.

Wadda ta fi ƙarfi ita ce wadda ya samo da kansa daga wani na waje. Shi ya sa yake rubuta wa banki wasiƙa, masu sa hannu a asusun ofis su rattaba hannu, banki kuma ya aika masa da amsa kai tsaye ba tare da ta bi ta hannun akantan ofis ba. Sai abin da ya gani da idonsa, kamar ya shiga sito ya ƙirga buhuna, ko ya juya kwamfuta ya karanta lambar da ke bayanta. Bayan su sai takardar da wani na waje ya rubuta amma tana hannun ofis: rasit, takardar neman biya daga ɗan kwangila, takardar rakiyar kaya. A ƙasa da wannan sai takardar da ofis ya rubuta wa kansa, kamar baucha. Can ƙarshe sai maganar baki. In manaja ya ce wallahi an yi taron, odita zai rubuta cewa manaja ya ce an yi, daga nan ya nemi takardar halarta. Ba ƙaryata shi ya yi ba. Shi ma akwai na gaba da shi da zai duba fayil ɗinsa, kuma rantsuwa ba ta shiga fayil.

Akwai kuma wani abu game da yadda yake bin sawu. Hanya biyu yake bi. Yakan ɗauki layi a leja, wato babban littafin lissafin ofis, ya ce a kawo takardunsa, don ya tabbatar abin da aka rubuta ya faru. Sannan ya juya, ya ɗauki fitar kuɗi a takardar bayanin asusun banki, ko rasit daga cikin tari, ya nemi inda aka shigar da shi a leja, don ya tabbatar ba a bar wani abu a waje ba. Ofishin da ya shirya wa hanya ta farko kaɗai, ta biyu ce ke kayar da shi.

Baucha ɗaya daga farko har ƙarshe

A ɗauka ƙungiya ta shirya horon kwana uku ga ungozomomi 40 a wata ƙaramar hukuma, a watan Maris. An ba jami'in shirin adibas na naira 1,200,000. Kuɗin mota naira 5,000 ga kowace mace a kowace rana, jimla 600,000. Abinci naira 3,500 a kan kowace a rana, jimla 420,000. Hayar zaure 60,000 a rana, jimla 180,000. A leja duk wannan layi ɗaya ne. Watanni goma sha ɗaya bayan nan odita ya ɗora yatsa a kan layin ya ce a kawo.

Abin da yake son gani a bayan bauchar labari ne mai bin juna. Takardar da jami'in ya rubuta yana neman kuɗin, tare da kasafin taron. Sa hannun wanda ke da ikon amincewa da kuɗi masu wannan yawa, da kwanan wata kafin kuɗin su fita. Shaidar tura kuɗin daga banki. Takardun farashi daga masu abinci, in dokar sayayya ta ofis ta ce kuɗin da suka kai haka sai an gwada farashin mutum uku. Rasit na mai abinci da na mai zaure. Shaidar harajin da aka cire daga kuɗinsu in ya hau kansu, da shaidar an kai shi hukumar haraji. Takardar halarta ta kowace rana daban. Takardar karɓar kuɗin mota mai sa hannu ko dangwalen kowace mace. Rahoton taro da hotuna. Sai takardar da jami'in ya dawo da lissafin adibas, wadda akanta ya duba ya sa wa hannu.

A ce duk suna nan. Odita ba zai tsaya a ƙirga takardu ba, zai ajiye su gefe da gefe. Takardar halarta ta nuna mata 40 ranar farko, 37 rana ta biyu, 36 rana ta uku. Haɗe, 113 ke nan. Takardar kuɗin mota kuwa ta nuna an biya 120, wato kowa ya zo kullum. Bambancin bakwai ne, naira 35,000. Tambayarsa a taƙaice take: ina suke?

Amsar na iya zama mai sauƙi. Wataƙila matan sun zo a makare bayan an ɗauke takardar halarta. Wataƙila jami'in ya biya kowa kuɗin kwana uku tun ranar farko don kada ya kwana da kuɗi a ƙauye. Wataƙila kuma ya mayar da ragowar banki, takardar shaidar zuba kuɗin ce ba a maƙala ba. Kowace daga cikin ukun tana da takardar da za ta tabbatar da ita da an rubuta a lokacin, kuma a watan Maris minti biyar ya isa a rubuta ta. A watan Fabrairu na shekara mai zuwa, jami'in ya koma wata ƙungiya, lambarsa ba ta shiga. Kuɗin abinci bai tayar da ƙura ba duk da ragin mutane, domin yarjejeniya da mai abinci ta ce kwano 40 a rana, kuma yarjejeniyar tana cikin fayil. Bambancin da ke tsakanin layukan biyu takarda ɗaya ce.

Sai kwanan wata. Rasit na mai zaure ya nuna 2 ga Afrilu, taro kuwa an gama shi tsakiyar Maris. Ba laifi ba ne, mutane na biya daga baya. Amma in takardun farashin masu abinci uku duk sun fito rana ɗaya, da rubutun hannu iri ɗaya, biyu kuma lambar wayarsu ɗaya, odita ya san mutum ɗaya ne ya rubuta su. Wannan dabara ta tsufa, ba oditan da bai san ta ba.

Me ya sa naira dubu 35 ke hana ofis barci?

Odita ba ya duba kowace baucha. In ofis ya yi biya dubu biyu a shekara, zai ware manya gaba ɗaya, sannan ya tsamo samfuri daga sauran. Yana kuma da wani mizani da ya tsayar tun farko, adadin kuɗin da in kuskure ya kai shi zai canja fahimtar mai karanta lissafin. Sau da yawa ƙaramin kaso ne na jimlar kuɗin da aka kashe. In ya ɗauki kashi ɗaya cikin ɗari a ƙungiyar da ta kashe naira miliyan 300, mizanin miliyan uku ne. Naira 35,000 ba ta kusa da nan.

Matsalar ita ce bauchar da ya tsamo tana wakiltar 'yan'uwanta da bai tsamo ba. In ƙungiyar ta yi irin wannan taro sau ashirin a shekara, kuma a cikin huɗu da ya duba uku suna da irin wannan giɓi, ba zai rubuta kuskure uku ba. Zai ce tsarin duba lissafin adibas ba ya aiki, ya faɗaɗa samfurin, ya nemi sauran goma sha shidan. Binciken mako biyu ya zama na wata guda. Oditan da mai ba da tallafi ya turo ma ya fi tsanani, domin shi yakan lissafa duk kuɗin da ba su da shaida, komai ƙanƙantarsu, mai tallafin kuma yana iya cewa a mayar masa da su.

Yadda ake tsara fayilolin

Makonni kafin zuwansa odita yakan aiko da jerin abubuwan da yake so a tanada. Wannan jerin shi ne ƙashin bayan shirin, kuma shawarata ita ce a gina fayilolin a kan lambobinsa. In abu na bakwai a jerinsa daidaita lissafin banki ne, wato gwada littafin ofis da takardar banki, a buɗe fayil mai lamba bakwai, a zuba na wata goma sha biyu na kowane asusu, kowanne da sa hannun wanda ya yi da wanda ya duba. In bai aiko da jerin ba, a nema. In ya makara, a ɗauko na bara.

Takardun ofis kashi biyu ne. Akwai na dindindin: takardar rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, tsarin mulkin ƙungiya, rajista da SCUML, wato sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, yarjejeniyoyin tallafi, dokokin kuɗi da na sayayya, jerin masu ikon sa hannu da iyakar kowa. Waɗannan fayil ɗaya ne da ake sabuntawa. Sai na shekara: leja, baucoci, albashi, haraji, kadarori, sito, bayanan zaman kwamitin amintattu. Cakuɗa su ne ke sa a kwana ana neman yarjejeniyar hayar ofis a cikin baucocin watan Yuni.

Abu mafi amfani a duk shirin, kuma mafi arha, shi ne lamba ɗaya ta bi biya ɗaya ko'ina. Lambar da ke kan bauchar takarda ita ce a leja, ita ce sunan hoton da aka ɗauka aka adana a kwamfuta. Misali:

```
2024/
  07-Banki/
  12-Baucoci/
    03-Maris/
      PV-2024-03-017.pdf
```

Duk takardun taron ungozomomin nan suna cikin wannan fayil guda, a jere yadda abin ya faru, daga neman kuɗi zuwa dawo da lissafi. In odita ya aiko da lambobi arba'in na samfurinsa da safe, kafin azahar an miƙa masa. Lambobin kuma su tafi a jere babu tsallake. Bauchar da aka soke a bar ta a mazauninta da tambarin sokewa, domin in ya ga 016 ya ga 018, 017 ce zai fara tambaya.

Rasit ɗin POS da na gidan mai suna buƙatar kulawa ta daban. Takardarsu zafi ne ke fito da rubutunta ba tawada ba, kuma a zafin Maris da Afrilu na Arewa, cikin kabad ɗin ƙarfe, 'yan watanni sun isa su mayar da ita fara fat. Akanta ya buɗe fayil ya tarar da ƙaramar farar takarda a maƙale da ƙusar fayil, sai inuwar tambarin banki a sama. A yi mata hoto ko kwafi ranar da ta shigo, a haɗa da ta asali. Amincewar da oga ya bayar ta WhatsApp ma haka: in dokar ofis ta yarda da ita, a buga ta a takarda da kwanan watanta a saka a fayil, tun kafin wayar ta faɗa ruwa ko a sace ta.

Kwafin kwamfuta kuma kada ya zauna a ginin da takardun suke. Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta shiga gidaje da kasuwanni da ofisoshi, kuma ruwa bai bambanta kabad da kwamfutar da ke kusa da shi ba. Game da tsawon ajiya, dokar kamfanoni ta 2020 ta ce kamfani ya riƙe takardun lissafinsa shekara shida. A Nijar da Chadi da Kamaru, inda dokokin kasuwanci na bai ɗaya da ake kira OHADA ke aiki, shekara goma ne. Yarjejeniyar mai tallafi na iya sa nata wa'adin, sai a bi wanda ya fi tsawo.

Wurare biyu na neman a tsaya a kansu kafin odita ya zo. Na farko albashi: sunayen da ke takardar albashi su dace da fayilolin ma'aikata, harajin albashi ya shiga hukumar harajin jiha zuwa 10 ga wata mai bi, kuɗin fansho kuma, kashi 8 na ma'aikaci da kashi 10 na ofis a ƙarƙashin dokar 2014, su isa cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Waɗannan ranaku a rubuce suke a rasit, ba su ɓoyuwa. Na biyu rajistar kadarori. Wani ya ɗauki rajistar ya zaga ofis da ƙafarsa, ya ga janareta, ya ga kowane babur, ya gwada lambar da ke jiki da ta takarda. Kwamfutar da tsohon ma'aikaci ya tafi da ita gara ofis ya gano da kansa.

Shirya mutanen

Ana yawan barin bincike a wuyan akanta shi kaɗai, alhali rabin takardun da ake nema ba a hannunsa aka haife su ba. Takardar halarta ta jami'in shiri ce. Takardar karɓar kaya ta mai sito ce. Littafin zirga-zirgar mota na direba ne, kuma da shi ake gwada kuɗin mai. Don haka a zauna da kowa tun da wuri, a ɗauki jerin odita, a rubuta suna ɗaya da rana ɗaya a gaban kowane abu. Abin da aka rubuta wa "sashen shirye-shirye" ba mai kawo shi.

Sai a naɗa mutum ɗaya ya zama ƙofa. Duk buƙatar odita ta bi ta kansa, duk takardar da za ta fita ta bi ta kansa, yana riƙe da rajista: me aka nema, yaushe, wa zai kawo, yaushe aka miƙa, an dawo da ta asali ko ba a dawo ba. Rajistar nan tana hana mutum biyu su ba da amsa biyu masu karo da juna a kan abu ɗaya. Tana kuma kare ofis ranar da daftarin rahoto ya ce ba a kawo takarda kaza ba, alhali an miƙa ta ranar Talata.

Gwajin da na fi yarda da shi ba ya cin ko sisi. Wata guda kafin binciken, a sa wani wanda ba ɗan sashen kuɗi ba ya tsamo layi ashirin daga leja yadda ya ga dama, biyar kuma daga takardar banki, ya nemo takardunsu shi kaɗai ba tare da ya tambayi akanta ba. Inda ya maƙale, nan odita zai maƙale. In sai Malam wane ne kaɗai ya san inda komai yake, ofis ba shi da tsarin fayil, yana da Malam wane ne kawai, kuma shi ma yana iya kwanciya zazzaɓi ranar Litinin ɗin da za a fara.

A kuma gaya wa ma'aikata yadda ake amsa tambaya, domin tsoro na sa mutum ya yi ɗaya daga cikin biyu: ya yi gum, ko ya yi ta zuba. Ka amsa abin da aka tambaye ka, a kan aikin da kake yi da hannunka. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, za ka duba ka dawo. Kada ka faɗi abin da littafin dokar ofis ya ce in ba haka ake yi ba, domin odita zai tambayi mai sito yadda ake karɓar kaya, sannan ya ɗauki takarda ya gwada maganarsa. Koya wa ma'aikata amsar da za su haddace kuwa ɓata lokaci ne. Mutum uku su ba da amsa da kalmomi iri ɗaya, shi kansa abin lura ne.

In takardar babu ita fa?

Nan ne shiri ke rikiɗewa ya zama laifi. Mako guda kafin bincike a gano rasit goma sun ɓace, sai wani mai dabara ya ce a sayo littafin rasit a kasuwa a cike, ko a kai wa oga takardar amincewa ya sa hannu da kwanan watan bara. Rashin takarda rauni ne na tsari, ana rubuta shi a rahoto a ba ofis lokaci ya gyara. Ƙirƙirar takarda jabu ce. In odita ya kama guda ɗaya, sauran takardun gaskiyar ma sun shiga zargi, har da wasiƙar da shugabanni ke sa wa hannu a ƙarshe suna tabbatar masa cewa ba su ɓoye komai ba. Kuma kamawa ba ta da wuya: rasit na Fabrairu da na Oktoba da lambobi a jere, biro ɗaya, takarda sabuwa ƙal babu ko lanƙwasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanyar da ta dace ita ce a koma wurin wanda aka biya ya ba da kwafi daga littafinsa, a rubuta a jiki cewa kwafi ne, da kwanan watan yau. In hakan bai yiwu ba, a tara shaidun da ke kewaye: tura kuɗin ta banki zuwa asusun mai sunan, takardar shigar kayan sito, kayan kansu in suna nan. Sai a rubuta gajeren bayani na abin da ya faru, shugaba ya sa hannu da kwanan wata na gaskiya, a gaya wa odita tun kafin ya tambaya.

Ma'aikatan fili suna da koke a nan, kuma kokensu na da tushe. Mai kwale-kwale da ya tsallakar da kai kogi ba shi da rasit. Mai itacen girki a kasuwar ƙauye ba ta da tambari. Wasu matan da ake ba kuɗin mota ba sa rubutu, wasu kuma a wuraren da ake fama da rashin tsaro ba sa son a ɗauki sunansu da lambarsu. In ofis ya nace sai rasit mai tambari a irin waɗannan wurare, shi da kansa ya tura ma'aikatansa wurin mai buga rasit na bogi. Su kuma masu tallafi suna cewa kuɗin harajin wasu mutane ne, su ma ana bincikarsu a ƙasashensu. A ganina duka biyun suna da gaskiya, kuma maganin ba a makon bincike yake ba. Ofis ya tanadi fom nasa na biyan da ba shi da rasit, mai sunan wanda aka biya, da dangwalensa, da sa hannun shaida, da iyakar kuɗin da ba za a wuce ba, ya sa shi a dokar kuɗinsa, ya samu amincewar mai tallafi a rubuce tun farkon aiki. Odita yana gwada ofis ne da dokar da ofis ya rubuta wa kansa da yarjejeniyar da ya sa wa hannu. Dokar da aka kwafo daga wata babbar ƙungiya ba tare da duba ko za a iya bin ta a ƙauye ba, ita ce za ta zama sandar dukan mai ita.

Abin da sakamakon ke jawowa

Ra'ayin odita iri huɗu ne. Ko ya ce lissafin ya nuna gaskiya babu togiya. Ko ya ce ya nuna gaskiya in ban da wuri kaza. Ko ya ce bai nuna gaskiya ba. Ko kuma ya ce bai samu isasshiyar shaidar da zai faɗi komai ba. Rashin takardu na iya kai ofis ga na biyu, in ya yi yawa ya kai shi ga na huɗu, ko da ba a taɓa ko kwabo ba. Mai tallafi ko banki da ya karanta na huɗun ba zai tsaya tambayar dalili ba.

Wanda ke ɗanɗana kuɗar abin sau da yawa bai taɓa ganin baucha ba. In aka riƙe kason kuɗi na gaba har sai an warware tambayoyi, albashin ma'aikatan wucin gadi ne ke fara tsayawa, sai mai abincin da ke bin bashi, sai asibitin ƙauyen da ke jiran magani. In aka ce a mayar da kuɗin da ba su da shaida, ƙaramar ƙungiya ba ta da wata ajiya da za ta ɗebo. A gwamnati kuwa, jami'in da ya sa hannu ne ake kira gaban kwamitin majalisa mai duba asusun gwamnati, wani lokaci shekaru bayan an yi aikin, ya amsa tambaya a kan fayil ɗin da ya bari a ofishin da aka daɗe da canja masa.

Ban da ra'ayin, odita yakan bar wata wasiƙa ga shugabanni mai ɗauke da raunin da ya gani da shawararsa, ofis kuma ya rubuta amsa a ƙarƙashin kowane batu. A kula da abin da ake rubutawa a wannan gurbi. In aka ce daga watan Afrilu za a riƙa gwada takardar halarta da ta kuɗin mota kafin a rufe kowane adibas, to a buɗe wa alkawarin fayil nasa, da sunan mai yi, da kwafin na Afrilu da na Mayu a ciki. Oditan shekara mai zuwa, ko shi ne ko wani, wasiƙar bara yake fara nema, kuma batun da ya maimaitu shekara biyu a jere yakan hau sahun farko a rahoton da kwamitin amintattu da mai tallafi za su karanta.